Saƙon maraba da dokokin zauren mazauna Jos: muhawara kafin a liƙa

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Kamar yadda kuka sani, wannan zaure ya kusa cika adadin mutum 1,024 da WhatsApp ya yarje wa kowane zaure ya ɗauka, kuma akasarin waɗanda suka shigo a baya-bayan nan ba mu san su ba, su ma ba su san abin da aka kafa zauren dominsa ba. Saboda haka mu masu kula da zaure muka zauna muka rubuta saƙon maraba da za a liƙa a sama, amma ba mu so mu liƙa shi ba tare da an tattauna ba. Ga abin da muka rubuta.

"Barka da zuwa zauren mazauna Jos. An kafa shi ne domin sanarwar unguwa, neman taimako, cigiya, da labarin da ya shafi zaman lafiyar garinmu. Doka ta farko, duk wanda zai kawo labarin tashin hankali ko rufe hanya, dole ne ya faɗi wurin, da lokacin, da kuma ko da idonsa ya gani ko faɗa masa aka yi. Doka ta biyu, ba a turo hoton gawa ko na wanda aka raunata. Doka ta uku, ba a jingina laifi ga wata ƙabila ko wani addini. Doka ta huɗu, ba a ɗauki lambar wani daga zauren nan a bi shi ta bayan fage ba tare da izininsa ba. Doka ta biyar, talla sai ranar Asabar. Wanda ya karya doka za a goge saƙonsa a yi masa magana a keɓe. Idan ya sake za a ja masa kunne a cikin zaure. Idan ya yi na uku za a cire shi."

Muna roƙon a duba a gyara mana, musamman doka ta farko, domin ita ce ta fi ba mu wahala.

Mai shago a Dilimi: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri, ni ban ga abin gyara ba. A liƙa shi yau ɗin nan kawai, tunda da zarar an liƙa saƙo yana nan a sama har abada, kowa ya shigo zai gan shi, babu wanda zai ce bai sani ba.

Ɗalibin Jami'ar Jos: Alhaji, ka yi mini afuwa, a nan akwai gyara, kuma gyaran yana da muhimmanci ga dukan abin da ake shirin yi. A WhatsApp saƙon da aka liƙa ba ya dawwama. Idan mutum ya danna liƙawa, wayar za ta ba shi zaɓi uku, wato awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30, kuma da zarar wa'adin ya cika saƙon zai sauka da kansa ba tare da an sanar da kowa ba. Sannan saƙo uku kaɗai ake iya liƙawa a lokaci guda, idan aka ƙara na huɗu, mafi daɗewa a cikinsu ne zai sauka.

Abin da ya fi wannan damuwa shi ne, wanda ya shigo zaure bayan an riga an turo saƙon, yawanci ba ya ganin tsofaffin saƙonni, don haka wanda aka liƙa ma ba zai bayyana masa ba. Ma'ana, mutumin da aka rubuta saƙon maraba dominsa, wato sabon shiga, shi ne ba zai gan shi ba, mu da muka riga muka san dokar mu ne za mu riƙa kallonsa kullum. Na ga wannan ya faru a zauren ajinmu, inda aka cire wani bisa laifin karya dokar da aka ce tana liƙe, daga baya ya nuna wayarsa aka ga babu komai a samanta.

Shawarata ita ce a ajiye dokokin a wuri biyu. Na farko a cikin bayanin zaure, wanda kowa ke gani idan ya taɓa sunan zauren a sama, domin shi ba ya saukowa kuma sabon shiga yana iya karanta shi tun ranar farko. Na biyu, duk ranar da aka karɓi sababbin mutane, a sake turo saƙon sabo fil a liƙa shi na kwana 30, a sauke tsohon. Kuma a shiga saitin zaure a rufe damar gyara bayani ga kowa in ban da masu kula, domin in ba haka ba, kowane mamba yana iya goge bayanin ko ya liƙa tallarsa a kan dokokin.

Mai shago a Dilimi: To, na fahimta ɗana. Amma a wani zauren da nake ciki na 'yan kasuwa, saƙon da suka liƙa ya fi shekara yana nan, kuma ranar da na shiga na gan shi.

Ɗalibin Jami'ar Jos: Ina kyautata zaton wancan zauren a Telegram yake, Alhaji. A can saƙon da aka liƙa yana zama har sai an sauke shi, ana iya buɗe wa sabon shiga tsofaffin saƙonni, kuma zaure yana ɗaukar mutum har 200,000. Gaskiyarka ne game da can, amma namu tsarinsa dabam ne.

Mai shago a Dilimi: Haka ne, a Telegram yake.

Malamar makaranta, Rikkos: Malam, ni zan tsaya ne a kan doka ta farko, domin ita ce dalilin da ya sa na daure na ci gaba da zama a wannan zaure duk da yawan saƙonni. Duk wanda ya rayu a garin nan a watan Satumba na 2001, ko Nuwamba na 2008, ko Janairu na 2010, ya san cewa kafin wuta ta iso unguwa, magana ce take fara isowa, kuma sau da yawa maganar ta fi abin da ya faru girma. A wancan lokacin da baki ake yaɗa ta, ko da kiran waya. Yanzu kuwa mutum ɗaya yana iya tayar da hankalin mutum dubu cikin minti guda yana kwance a ɗakinsa. A watan Yuni na 2018, lokacin hare-haren yankin Barikin Ladi, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, daga baya binciken BBC ya nuna cewa wasu daga cikinsu ba na wurin ba ne, akwai ma wanda ba a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. Amma kafin a gano hakan mutane sun riga sun gani, zuciya ta riga ta ɗauki zafi.

Saboda haka na yarda da manufar dokar, sai dai yadda aka rubuta ta bai isa ba. An ce mai kawo labari ya faɗi wuri da lokaci da yadda ya samu labarin, amma ba a faɗi abin da masu kula za su yi ba a cikin mintunan da ke biyo baya, alhali a nan ne ɓarnar take faruwa. Bari in kawo misali da irin abin da muka saba gani. A ce da ƙarfe tara na dare wani ya turo saƙon murya mai cewa ana gudu a Terminus, kowa ya kira 'ya'yansa. Babu sunan mai magana, babu rana, kuma a saman saƙon akwai kibiya biyu da rubutun Forwarded many times, wanda ke nuna saƙon ya bi hannaye da yawa kafin ya iso mu. Cikin minti biyar mutum ashirin sun rubuta innalillahi, wasu sun fara tambayar su wane ne suka fara, wasu kuma sun riga sun tura shi zaurukan danginsu. Idan masu kula suka jira sai sun gama bincike kafin su motsa, to an riga an makara.

Abin da nake ganin ya kamata a rubuta ƙarara shi ne, a irin wannan hali mai kula da ke kusa zai goge saƙon nan take, tunda WhatsApp ya ba masu kula ikon goge saƙon kowa ga kowa cikin kimanin kwana biyu da turo shi. Daga nan sai ya mayar da zauren yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu, ya sanar cewa an rufe na ɗan lokaci ana bincike, kuma ya faɗi ƙarfe nawa za a dawo da bayani, misali nan da minti talatin. A cikin wannan lokaci sai a kira mutum biyu da aka san suna kusa da wurin, waɗanda ba tare suke ba, a tambaye su abin da suke gani a daidai lokacin. Idan duka biyun suka ce lafiya lau, a rubuta cewa an kira mutum biyu a Terminus da ƙarfe tara da kwata sun ce kowa na harkarsa, sannan a buɗe zaure. Idan kuwa suka tabbatar akwai matsala, a rubuta iya abin da zai amfani mai tafiya, wato a kauce wa hanya kaza, ba tare da an ambaci wanda ya fara ko adadin waɗanda abin ya shafa ba. Wannan matakin a sa shi a cikin saƙon maraba, domin ranar da aka rufe zaure kada mutane su ɗauka ana ɓoye musu wani abu ne.

Direba, tashar Bauchi Road: Hajiya, da girmamawa, ni ban goyi bayan a hana maganar tsaro ba. Mu da muke kan hanya dare da rana, wannan zauren ne yake gaya mana inda za mu bi. A watan Agusta na 2021, da aka kai wa matafiya hari a hanyar Rukuba har aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa, da yawa daga cikinmu ta waya muka ji muka juya. Idan aka ce kada a yi magana sai an tabbatar, wani zai faɗa cikin abin da da an gaya masa da ya tsira.

Malamar makaranta, Rikkos: Malam direba, ba a ce a hana ba, kuma da an ce haka da ni ce ta farko da zan ƙi. Kai da kake kan hanya, idan ka rubuta cewa kana Farin Gada da ƙarfe huɗu, ka ga an tare hanya da idonka, ka juya, to ka cika dokar gaba ɗaya, babu mai goge saƙonka, domin mun san ka, mun san inda kake, kuma za mu iya kiran ka mu ƙara tambaya. Wanda ake magana a kansa shi ne saƙon da ba a san mai shi ba, wanda wataƙila an naɗe shi shekara uku da suka wuce a wani gari.

Direba, tashar Bauchi Road: Idan haka ne na yarda da rabin maganar. Amma rufe zaure na minti talatin har yanzu yana damuna, domin a cikin wannan lokacin ni ma da na gani da idona ba zan iya rubutu ba.

Mai kula da zaure: Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, Malam, kuma ba zan ce muna da cikakkiyar amsa ba. Abin da za mu iya yi shi ne mu rubuta a cikin bayanin zaure cewa idan an rufe, mai shaida ya kira ɗaya daga cikin masu kula kai tsaye, shi kuma ya saka bayanin da sunan wanda ya gani. Hakan yana nufin dole a samu mai kula da ke farke a kowane lokaci, kuma a yanzu mu huɗu ne, dukanmu muna da sana'a. Ina ganin sai an ƙara mutum biyu, ɗaya daga ɓangaren Bukuru, domin babu ko ɗaya a cikinmu da ke zaune can.

Dattijo, Gangare: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma Allah ya yi muku albarka. Ina da magana biyu. Ta farko, matakin hukunci da kuka rubuta, wato a keɓe, sannan a fili, sannan cirewa, ya dace da mai talla ranar Talata, amma bai dace da wanda ya turo hoton gawa ya rubuta a ƙasa cewa mutanen kaza ne suka yi ba. Irin wannan ba a ba shi dama uku, domin dama ta farko kaɗai ta isa ta jawo abin da ba za a iya gyarawa ba. A raba laifuffukan gida biyu, a rubuta a fili cewa doka ta biyu da ta uku cirewa ce kai tsaye.

Ta biyu, wanda aka cire ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na yi shekaru ina zaman sulhu a unguwa, kuma abin da na lura shi ne mutum yakan haƙura da hukunci idan an saurare shi, amma ba ya haƙura idan ya ga an yi masa ne don ba shi da kowa. A rubuta cewa wanda aka cire yana iya kai kuka ga wani mai kula dabam, ba wanda ya cire shi ba, kuma mutum biyu ne za su duba. Sannan duk abin da za a goge, a ɗauki hotonsa a ajiye tukuna, domin gobe idan ya musanta akwai abin nunawa. Kuma dokar ta hau kan kowa, har da masu kula da mu dattawa, domin ranar da aka kau da kai ga babban mutum, ranar dokar ta mutu a idon yara.

Mai kula da zaure: Mun karɓa, Baba. Za a raba laifuffukan kamar yadda ka ce. Hoton saƙon da za a ajiye kuwa zai tsaya a hannun masu kula kaɗai, ba za a sake yaɗa shi ba.

Mai ɗinki, Anguwar Rogo: Ni Malam doka ta huɗu ce ta taɓa ni. Watannin baya wani ya kira ni ya ce shi ɗan wannan zaure ne, wai ana shirya taron mambobi ta waya, za a turo mini lamba shida in karanta masa don a sa sunana. Ya ambaci sunan zauren daidai, shi ya sa na saki jiki. Ina karanta masa, WhatsApp ɗina ya fita daga wayata, ya koma yana tura wa 'yan'uwana saƙo da sunana yana neman rancen kuɗi, har ƙanwata ta tura masa. Ina roƙo a rubuta wannan a saƙon maraba, domin doka ta huɗu tana magana ne da mai kunya, shi kuwa ɓarawo ba ya karanta doka.

Ɗalibin Jami'ar Jos: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Lambar da kika karanta masa ita ce wadda WhatsApp ke turowa idan ana son buɗe asusun mutum a wata wayar, kuma duk wanda ya same ta ya samu asusun. Maganarki gaskiya ce, domin a zaure irin wannan kowa yana ganin lambar kowa, babu dokar da za ta hana wanda ya shigo da mugun nufi kwafe su. Abin da zai rage shi ne a tsare ƙofar shiga. A kunna Approve new members yadda ko mutum ya samu linki sai mai kula ya amince, a danna Reset link domin tsohon linkin da ke yawo ya daina aiki, kuma kada a amince da kowa sai wani mamba da aka sani ya tsaya masa. A saƙon maraba kuma a ƙara jimla ɗaya mai cewa masu kula ba za su taɓa kiran kowa su nemi lamba shida ko kuɗi ba. Kowa kuma ya shiga saitin wayarsa ya kunna Two-step verification ya zaɓi lambar sirrinsa, domin ko an karɓi lambar farko, za a nemi ta biyun.

Ma'aikacin kotu mai ritaya: Ina so in ƙara abu ɗaya a kan doka ta farko. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24 da aka yi wa gyara a 2024, ta haramta tura saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Ina ganin ya dace a ambaci wannan a taƙaice, ba don tsoratarwa ba, sai don mai turawa ya san cewa abin bai tsaya ga cirewa daga zaure ba.

Mai shago a Dilimi: To ai Alhaji idan haka ne, masu kula ma suna cikin haɗari, domin na ji an ce duk abin da aka turo a zaure, adimin ake kamawa.

Ma'aikacin kotu mai ritaya: Nassin sashen yana magana ne a kan wanda ya tura ko ya sa aka tura da saninsa. Amma ba zan ba masu kula tabbacin cewa ba za a gayyace su a yi musu tambayoyi ba idan wani abu ya fito daga zaurensu, kuma a ranar, abin da zai taimake su shi ne su nuna rubutacciyar doka, da shaidar cewa sun goge saƙon sun cire mai shi. Idan ana son fatawa ta shari'a a kan wannan, a tambayi lauya mai aiki yanzu, kuma na san akwai su a cikinmu.

Malamar makaranta, Rikkos: Malam, da waɗannan ƙarin saƙon zai yi tsawo, kuma dogon saƙo ba a karanta shi. Ina ba da shawara a bar dokoki biyar ɗin a gajarce, kowace da hukuncinta a gefenta, a sa matakin rufe zaure a saƙo na biyu, tunda ana iya liƙa uku. Kuma akwai iyayenmu da 'yan'uwanmu da yawa a nan da ba sa karanta boko sosai, da saƙon murya suke mu'amala. A samu mai murya a sarari ya karanta dokokin cikin minti biyu, a liƙa shi a matsayin na uku.

Direba, tashar Bauchi Road: Wannan ya yi, domin ni ma a kan hanya saurare nake yi. Sai dai har yanzu ina roƙon a rage minti talatin ɗin zuwa goma sha biyar.

Mai kula da zaure: Mun ji, Malam. Za mu gyara rubutun yau da dare mu turo shi gobe bayan sallar Isha'i, mu sa shi a bayanin zaure, sannan mu liƙa guda ukun na kwana 30. Tsawon lokacin rufewa ba mu yanke ba, za mu buɗe ƙuri'a a nan tsakanin minti 15 da minti 30 har zuwa ranar Juma'a. Masu zama Bukuru da za su iya ɗaukar aikin kula, su yi mini magana a keɓe, kuma muna neman wanda zai karanta saƙon muryar.